Bashin da Alkasim Bai Ƙirga Ba

Tare muka fara awon masara da Alkasim a kasuwar Bebeji, yau ga ni ina cin bashinsa. Da shekara ta zagayo, Malam Hamidu ya zo lissafa masa zakka. Na raɓe a bakin shagon Alkasim, ina fatan kada dukiyarsa ta kai nisabi.

Malam ya kimanta buhunan a farashin ranar, ya haɗa da tsabar kuɗi, ya ce, "Kawo basussukan da kake sa ran za a biya, mu fitar da ɗaya bisa arba'in."

Alkasim ya ambaci kowa, har Goggo mai nono.

Malam ya nuna ni. "Na Lawal fa?"

"Bar wannan, Malam, ba shi da hali."

Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.