Watannin da Ba a Ciniki

Mai shagon takin zamani ya ɗaga kan buhun ƙarshe ya nuna wa ma'aikaciyar banki. Takin ya sha danshi, ya daskare kamar dutse.

Tun lokacin da ya je banki karɓar rance ta lissafa masa cewa cinikinsa na wata huɗu ne, na damina. Ta ce ya ɗauki kuɗin buhu ɗari uku, biya mai nauyi ya faɗo watannin ciniki, sauran watanni kuɗin ruwa kawai. Shi kuwa ya kafe a kan ɗari biyar, biya daidai kowane wata, don kada maƙwabcinsa ya fi shi kaya.

Yanzu rani ne, ba manomin da ke leƙowa.

"Hajiya, kaya na nan," in ji shi.

"Na gani, Alhaji. Banki ba ya shuka."