Rantsuwar Inna Baiwa da Tsohuwar Korama

Surukata Inna Baiwa mace ce da ba ta manta abin da aka yi mata, ko da ruwa ne ya yi mata shi. Na zauna da ita tun da aka kawo ni gidan ɗanta, don haka in na faɗi halinta ba gulma nake yi ba.

Gidanmu yana kudu da Matameye, a wani wuri da ake kira Gwiwa. Koramar da ta raba komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, da komin ɗin hayi ta zo nan ta yi lanƙwasa, ta zagaye mu gabas, kudu da yamma, ta bar mana ɗan siririn wuya ta arewa, inda amalanke ke bi da rake zuwa kasuwa. Iyakar komin biyun tana bin tsakiyar ruwan ne, daidai inda ya fi zurfi. Hayin kuwa, a ƙauyen Baure, nan ƙanen Inna yake, Kawu Lawwali, kuma gonarsa tana kallon tata.

Rigimarsu ta samo asali daga halin korama. Duk inda ta lanƙwasa, ruwan gefen waje ya fi gudu, sai ya riƙa cin gaɓa ta ƙasa har ta rufta. Ruwan gefen ciki kuma a sanyaye yake tafiya, sai ya riƙa ajiye yashi da laka. Gonar raken Inna tana wuyan nan, a gefen da ake ci. Gonar Kawu tana gefen da ake ajiyewa. Kowace damina tata ta rage taku ɗaya ko biyu, tasa ta ƙaru, har ya samu wurin dasa albasa a inda can da ruwa ne.

Wata rana ta ɗaura gyale ta haye, ta ce ya maido mata ƙasarta.

“Yaya, ni ban ɗauka ba,” in ji Kawu. “Kawo min aka yi.”

Aka je gaban masu gari biyu, aka kira wakilin meri, wato shugaban komin. Duka bakinsu ɗaya: in korama ta matsa a hankali, yadda ba wanda zai nuna ranar da ta matsa, iyaka tana bin ta. Wanda aka ci ya yi haƙuri, wanda aka ƙara wa ya gode Allah. Wani dattijo ya tuna wa Inna cewa a ƙarshen Gwiwa ta kudu ita ce a gefen ciki, kuma lambun tumatirinta duka ƙasar mutanen Baure ce da ruwa ya kawo mata. Inna ta ce ba wannan maganar ta kawo ta ba. Nan a gaban jama'a ta rantse da Allah ba za ta ƙara taka ƙasar komin ɗin hayi ba. Kawu shi ma da taurin kan gidansu ya ce to, wanda ya yi rantsuwa shi zai fara takowa.

Malamin garinmu ya sha gaya mata cewa irin wannan rantsuwar ba a riƙe ta, a ciyar da miskinai goma a je a sada zumunci. Sai ta ce, “Ni in dafa tuwon mutum goma saboda Lawwali?” Haka aka yi suna da biki a Baure ba ita. Amma ni na san abin da na sani. In ta tafi tsinkar tumatir da la'asar, takan daɗe tana gyara kwando ɗaya, idonta a hayi. In Kawu ya yi tari ta ji, da ta dawo sai ta ce min, “Sadiyya, mutumin can bai shan magani.” Kewarsa take yi, kewa mai tsanani, kuma ta gwammace ta haɗiye garwashi da ta faɗa.

Daminar bara, cikin Agusta, aka kwana biyu ana ruwa. Da azahar muka ji ƙara ta arewa kamar babbar mota na juye tsakuwa. Wuyan nan da korama ta daɗe tana ci ta gabas da ta yamma ya kai siririn da ba zai iya tsayawa ba. Ruwa ya fasa shi, ya samu gajeriyar hanya mai gangara, kafin la'asar ya haƙa wa kansa sabon kwari mai zurfin tsayin mutum. Sauran raken Inna ya bi shi. Cikin 'yan makonni yashi ya toshe bakin tsohuwar hanyar ta sama da ta ƙasa, ta zama tabki mai siffar lauje, kwaɗi suka tare a ciki. Muka wayi gari korama tana bayanmu, tsakaninmu da Matameye, mu kuma mun manne da Baure.

Mutanen Baure ba su ɓata lokaci ba. Matansu suka riƙa tsayawa bakin tabkin suna kiran, “Inna Baiwa, barka da zuwa garinmu. Yaya gajiyar hanya?” Wani ya ce tunda iyaka ruwa ce, ruwan kuma ya koma arewa, to Inna a ƙasar hayi take kwana take tashi, rantsuwa ta karye tana zaune a kan tabarmarta.

Na zaci za ta tada ƙura. Sai kawai na ji ta ce, “To, in Allah ne ya ɗauke ni ya kai ni, ni mene ne nawa?” Ranar kasuwa ta ba mijina saƙo ya sayo mata turmin atamfa da ƙwaryar goro, wai na ajiya ne. A ranar na gane lissafinta. In aka ce Gwiwa ta zama hayi, ta riga ta taka, ba da ƙafarta ba, ba da laifinta ba. Sai ta shiga gidan ƙanenta kanta a sama, ba tuwon mutum goma, ba wanda zai ce ita ta sauko.

Merin biyu kuwa kowanne yana son Gwiwa, saboda lambunanta. Da kaka, bayan tabkin ya janye ya bar busasshiyar laka a sama, aka turo ma'aikaciyar awon ƙasa daga Damagaram, Madam Jamilatu, doguwa mai takalmin roba har gwiwa. Ta zo da hotunan da aka ɗauka daga sama kafin damina da bayanta, da na'urar awo, da wani dogon ƙarfe mai murɗawa. Ta fara duba sabon kwarin, ta tambaya ko akwai wanda ya sa fartanya ya buɗe wa ruwan hanya. Aka ce babu. Ta tambayi ranar da ya fasa, kowa ya faɗa, har da abin da yake ci a lokacin.

“To kun gama min rabin aiki,” ta ce. “Tunda kuna iya nuna ranar, wannan ba matsawa ba ce, tsalle ne. In korama ta yi tsalle ta bar gidanta, iyaka ba ta bin ta. Tana nan inda ruwan ya bar ta, a tsakiyar tsohuwar hanya.”

Inna ta matso. “'Yata, ki duba da kyau. Da aka ci gonata an ce iyaka tana bin ruwa.”

“Wancan a hankali ne, Inna. Ƙasar da aka ci ta narke, ba mai iya gane tasa. Amma Gwiwa ga ta nan ɗungurungum, da gidanki da mangwaronki. Ba a sauya wa mutum komin don an yi ruwan kwana biyu.”

“Ko kaɗan ba ta matsa ba?”

“Ko taku ɗaya. Kuma yanzu da ruwa ya daina bi, ta daina tafiya ke nan.”

Mutanenmu suka hau yi wa Inna barka, ana cewa rantsuwarta ta fi ƙarfin ambaliya. Ban taɓa ganin wanda ya ci shari'a da irin wannan fuskar ba. Tausayinta ya kama ni, dariya kuma tana cina.

Saura a kafa alama. Madam ta shimfiɗa katakai a kan lakar, ta riƙa murɗa ƙarfenta tana zarowa. Inda ya fito da yashi kusa, gefe ne. Inda baƙar laka ta yi zurfi kafin a kai tsakuwa, nan ne cikin ruwan na da, kuma a lanƙwasa wannan wurin ba ya tsakiya, yana kusa da gaɓar waje, wato ta Baure. Ta gwada da hotonta, ta sa aka kafa turaku a jere, za a zo a zuba na siminti daga baya. Ta ja kunnen kowa kada a yarda da busasshen saman nan, ƙasansa kunu ne.

Duk wannan abin Kawu Lawwali yana tsaye a gaɓarsu da sandarsa, ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ban san me ya shiga kansa ba. Wataƙila so yake ya ga turken da kyau, wataƙila fuskar yayarsa yake son gani kusa. Ya sauko daga gaɓar, ya bar katako ya taka lakar. Taku na uku saman ya fashe, ya nutse har cinya, sandar ta faɗi gefe. Ya yunƙura, ya ƙara nutsewa. Turken yana gabansa kaɗan, shi yana ɓangarensu.

Kafin mazan su gama shawarar igiya, Inna ta yar da gyale. Ta bi katakon Madam da gudun da ban san tana da shi ba, ta wuce turken ko kallonsa ba ta yi ba, ta faɗa lakar ta cafki wuyan rigarsa.

“Sakarai, tun kana yaro ba ka duba inda kake sa ƙafa.”

“Yaya, a hankali, za ki shaƙe ni.”

Da ƙyar aka jawo su biyun zuwa gaɓar Baure, don ita ce kusa. Suka zube a kan yashi, baƙi ƙirin har ƙugu, tana haki, hannunta bai saki rigarsa ba. Kawu ya dubi turken can bayanta, ya dubi ƙasar da take zaune a kai, ya buɗe baki.

“In ka faɗa sai na maida ka ciki,” in ji Inna.

Ya rufe bakinsa, hawaye na bin gemun, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ta sa gefen zanenta mai laka ta goge masa fuska, ta ƙara ɓata ta. Sannan ta ɗago ta hango ni a ɗaya gaɓar.

“Sadiyya, je ki surfa gero, na mutum goma. Ki haɗo da atamfar nan da goron, ki biyo ta kan katako. A nan zan kwana.”