Furfurar Mode

A shekarar zaɓen 1983 takardar wanke hoto ta yi wuya a Boɗinga, fim ma sai an je Sakkwato an yi ta nema. Attahiru mai hoto ya koma rayuwa da buroshi da 'yar kwalbar tawada. 'Yan takarar majalisa ke kawo masa hotunansu ya rufe musu furfurar gemu kafin a kai wa masu buga fosta. Yini yake yi a sunkuye yana ɗiga tawada sili-sili, yana barin inda haske ya faɗa kada gemun ya fito kamar an shafa kwalta. Idanunsa sun gaji, bayansa ma haka.

Wata ranar kasuwa wata dattijuwa ta yi sallama. Sunanta Atika, daga garin Shagari ta zo. Ta kwance bakin mayafi ta fiddo hoton wani mutum mai baƙin gemu da hula a karkace.

"Mijina na, Mode. Sanƙarau ya ɗauke shi tun kahin yaƙin basasa," in ji ta. "Jikokina kullum suna tambaya ta ko ɗana na. Na gaji da amsawa. Ka sa mishi hurhura, mu zan daidai."

Attahiru ya juya hoton. "Inna, kowa cewa yake in rufe. Akwai fim ɗinsa?"

"Wanga kaɗai gare ni."

Da a ce akwai fim, da fensir zai bi gashin a kan fim ɗin, domin duk inda fim ya yi duhu fari yake fitowa a takarda. Akwai kuma kankarewa da bakin reza, amma abin da aka kankare ba ya dawowa. Ya ce zai yi da fentin ruwa.

"Ina furfura take fara wa mutanen gidansu?"

"Wansa, ga haɓa ta fara mishi, gefe biyu. Sannan nan." Ta taɓa kusa da kunnenta.

Ya ce ta dawo kasuwa mai zuwa. Ya dama fari da ɗigon baƙi har ya sami toka iri uku, domin fari zalla kan tsohuwar takardar hoto alli yake zama. Ya fara daga gindin gashi, yana jan kowane sili zuwa inda gemun ya kwanta, yana sassauta hannu kafin ya kai baki. Hasken hoton daga hagu ya shigo, don haka can ya sa mafi haske, ƙarƙashin haɓa kuma toka mai duhu. Ya bar baƙin gashi da yawa a tsakani. Gefen hula ya ɗan yayyafa. Da ya ɗaga kai sai ya ga dattijon gemu a fuskar saurayi, dole ya ƙara 'yar inuwa a ƙasan idanu.

Da kasuwa ta zagayo, Atika ta karɓa ta daɗe tana kallo. "Shi na," ta ce, ta yi godiya ta tafi.

Ba a yi wata ba sai ta dawo. Motar Shagari ta lalace musu a hanya don rashin taya, ta ƙaraso a ƙasa. Ta zauna kan benci har numfashinta ya daidaita.

"Aikin ya ɓaci ne, Inna?"

"A'a, ɗana. Aiki ya yi. Yara har sun fara ce mishi Kaka." Ta ɗora hoton a cinyarta. "Sai dai in na dawo daga layin sayen shinkafa hannu wofi, na dube shi, sai in ga kamar tare munka tsaya. Ya gaji. Shi ko bai ga wanga zamani ba. Mi za ya sa in ɗora mishi?"

Attahiru ya karɓi hoton. Ya jiƙa auduga, ya matse ta sosai, ya bi gemun da gefen hula da ƙasan idanu a hankali yana canza auduga kada tokar ta watsu. Baƙin gashin ya riƙa fitowa. Wurin ya ɗan rage sheƙi, ya nuna mata.

"Ba komi."

"Jikokin fa?"

"Su yi ta tambaya."

Ta naɗe hoton. Ya tura a sayo mata kunu, ta sha rabi, sannan ya raka ta tasha. Babu mota. Suka zauna gindin dalbejiya tare da masu buhunan albasa, har la'asar ta yi, wata a-kori-kura ta tsaya. Ya taimaka mata ta hau baya.