Wasiƙar Mai Zanen Gida

Alhaji Badamasi ya karanta wasiƙar Elisha, mai zana masa gida, ransa ya ɓaci. Wai filinsa na Ƙofar Kaura tsohon kududdufi ne da aka cike, sai an zurfafa tushe, don haka kuɗin ya haura yadda aka yi. Ko ya haƙura da benen, ko a gina shi daga baya.

"Kwaɗayi ne," in ji Alhaji. "A wajen ƙanena Iro na sayi filin nan!"

Ya sa aka haƙa rami gabansa. Ba a kai ƙugu ba sai ga baƙar laka da tsofaffin ledoji.

Ya ciro waya, ya tsallake lambar Elisha, ya kira Iro.