Tambayar da Inna Ta Ƙi Amsawa

A yi mini afuwa tun farko. Ni karatu na sani, rubutu kuwa yau na fara, kuma da Yaya Sufyanu ya san zan sa sunansa a takarda da ya ɓoye birona. In kun ga gargada, ku bi a hankali.

Innata, wadda ake kira Kulu, tana bandar kifi a bakin ruwa a Yelwa ta ƙasar Yauri. Masunta na kawo mata daga Wara da tungayen da ke bakin tafki, ta gyara, ta jera a kan ragar ƙarfe bisa wuta, hayaƙi ya yi aikinsa. Da can sai wanda ya zo kasuwa ne ke saye. Daga baya aka fara kiranta a waya daga Kaduna da Minna da Abuja, ta ɗaure kwali, Yaya Sufyanu ya ɗora a babur ɗinsa ya kai tasha. Da na gama sakandare na zauna jiran sakamako, sai wayar ta dawo hannuna, tunda ni ce mai saurin karanta saƙo.

Ban daɗe ba na gane cewa mutane da yawa tambaya ɗaya suke yi, kowa da irin bakinsa. Na ruwa ne ko na kiwo? Zai kai wata bai lalace ba? Yaya ake aikowa? Akwai yashi a ciki? Inna kuwa kowane mai tambaya sai ta ɗauki murya ta amsa masa daga sallama har gaisuwar yara, hannu duk mai, wuta na jiranta.

Yaya Sufyanu ne ya ce, "Ke Hussaina, wanga karatu naki bai da rana? Ki ɗauke ta bidiyo sau guda, duk wanda ya tambaya ki tura mishi."

Haka muka yi. Na bi tsofaffin saƙonni na haɗa masu kama da juna, na fara da waɗanda suka fi yawa. Kowace tambaya da bidiyonta, kada ya wuce rabin minti. Nakan riƙe wayar a tsaye, in sa Inna ta fuskanci haske, in matso kusa don kada ƙarar injin jiragen ruwa ta cinye muryarta. A saman hoton in rubuta tambayar da manyan baƙaƙe, saboda wasu suna kallo ne a ofis ba su buɗe sauti ba.

Wahalar farko ita ce gaisuwa. Inna za ta fara, "Assalamu alaikum, jama'a ina kwananku, ina gajiya, ya iyali, ya muka ji da zafi," kafin ta iso ga kifi lokaci ya ƙare.

Na ce, "Inna, amsar za ki fara faɗa. In ba su ji ta da wuri ba, wucewa suke yi."

"To ni ɗiyar wa ce da zan faɗa wa mutane magana babu sallama?"

Muka daidaita a kan sallama kaɗai, sai amsa. Ta yi na farko tana harara ta, amma ya yi kyau: ta ɗaga tarwaɗa ta ce na ruwa ne, daga tafkin nan da ke bayanta, na juya wayar aka ga jirage. Na farashi ne muka bari, don kuɗin kifi yana hawa da sauka da ruwa, bidiyo kuwa yana nan yadda aka ɗauke shi ko bayan shekara. Na tara su wuri ɗaya a waya. Tambaya na shigowa sai in tura, Inna ta ci gaba da juya kifinta.

Saura tambaya ɗaya, wadda ta fi kowace yawa: ana zuba maganin ƙwari?

Busasshen kifi ƙwaro na sonsa, kuma kowa ya san akwai masu yayyafa masa magani don ya daɗe. A lokacin wani hoto na yawo a wayoyi, an ɗauki wani mutum a wani gari yana fesa wa kifi magani. Hajiya Aminatu ta Kaduna, wadda ke ɗaukar fiye da rabin abin da Inna ke bandawa tana raba wa matan unguwarsu, ta aiko da murya. Ta ce matan sun tsorata. Ta ce ta ga sauran bidiyoyin sun yi kyau, amma wannan ce suke jira, daga bakin mai kifin. In ba ta samu abin da za ta nuna musu ba kafin ranar kasuwa, za ta dakata da saye.

Na kunna wa Inna. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ki rubuta mata cewa ba ni zubawa."

"Ta sani, Inna. Bidiyo take so, wanda za ta tura wa mutane."

"Wanga dai ba ni yin shi."

Yaya Sufyanu ya sa baki. "Mi ne ne abin wuya? Ki ce mu ba mu zubawa kamar yadda wasu ke yi, shi ke nan."

Inna ta dube shi. "Wasu wa? Faɗa mini sunansu."

Ya kau da kai ya koma wajen babur ɗinsa.

Rumfar da Inna ke aiki ba tata ce ita kaɗai ba. Su uku ne. Akwai Maman Bitrus, 'yar wajen Shanga, wadda suka fara sana'ar tare tun ban yi wayo ba, sai Zuwaira, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara. Wuta ɗaya suke ɗiba, in ɗaya ta tafi salla ko coci sauran su tsare mata kaya. A bakin ruwan nan mai saye na iya tambayarka a kunne ka amsa masa a kunne. Amma ba ka tsayawa a tsakiyar rumfa ka ɗaga murya ka wanke kanka, don wanda ya ce hannunsa ne mai tsabta ya riga ya yi magana a kan hannun na kusa da shi.

"Bidiyon ga naku ba kunne ɗaya yake shiga ba," in ji Inna. "Yau yana Kaduna, gobe yana wayar ɗan Zuwaira. Su ce Kulu ta hau waya ta ce ita kaɗai ce ta Allah."

Ni dai a littattafai na saba ganin gaskiya a gefe ɗaya, ƙarya a ɗaya gefen. Ban san inda zan ajiye wannan ba. Inna ba ta da abin ɓoyewa, kuma ga shi ta gwammace ta rasa Hajiya Aminatu. Kwana biyu tambayar na shigowa, ina tura amsa a rubuce, ina jin kamar wadda aka aika da tulu marar gindi.

Ana gobe kasuwa, da hantsi, Inna ta wanke hannu ta ja kujera zuwa tsakiyar rumfa. Ta faɗa wa matan biyu komai, har da muryar Hajiya ta sa na kunna musu.

"Ban son ku ji shi a waya kafin ku ji daga bakina," ta ce. "In kun ce a bari, an bari."

Maman Bitrus ta kwashe da dariya. "Kulu, ashe tsoronmu kike ji? Ni na ɗauka gwamna ce ke yanzu, kullum ɗiya na bin ki da waya. Ki yi abinki. Amma ki goge toka a goshi, kada Kaduna su ce a Yauri ba mu wanka."

Zuwaira tana cire ƙaya daga yatsa. Ba ta ɗago ba ta ce, "Abincinki ne, Yaya Kulu. Wa zai hana ki?"

Inna ta dube ta, sannan ta ce mini in ɗauka.

Sau uku muka yi. Na farko hayaƙi ya rufe fuskarta, na biyu wani mai jirgi ya tayar da inji. A na uku ta ce, "Assalamu alaikum. Ba ni zuba magani. Ga abin da nike yi." Ta nuna kifin da ya kwana biyu a ajiye, yadda take mayar da shi kan wuta marar ƙarfi ya sake shan zafi. Ta ɓare guda, cikinsa a bushe. Ta ce, "Ku ma in ya daɗe gare ku, ku ɗumama shi ko ku shanya a rana. Kifin da babu komi a jikinshi ƙwaro na nemanshi, sai an kula." Ba ta ambaci kowa ba. Tana rufe baki hannun Maman Bitrus ya shigo cikin hoton ya tsinke rabin kifin.

"A rubuta cewa na ci ban mutu ba," ta ce.

Na so in yanke wurin. Inna ta ce in bar shi.

Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne abin da na gani ta gefen wayar. Tun kafin in danna, Zuwaira ta ja kwandonta da ƙafa, a hankali, har ya fita daga inda hoto ke kamawa, ta rufe shi da buhu.

Na rubuta tambayar a sama na tura. Kafin azahar Hajiya Aminatu ta amsa. Ta ce ta sa a zauren matan na waya, ana ta tambayar wace ce mai satar kifi. Ta ce a ɗaure mata kaya kamar kullum. Yaya Sufyanu ya tafi neman kwali yana cewa ai shi ya kawo shawarar.

Da la'asar na koma rumfa ɗauko cajar da na manta. Maman Bitrus ta riga ta tafi gida. Zuwaira na tsaye kusa da bandar Inna da kwandon nan a gabanta, ba su ga shigowata ba.

"Itace ya yi tsada, Yaya Kulu," take cewa, murya ƙasa ƙasa. "Ba kullum nike iya maida shi wuta ba."

"Na sani."

"Wancan na ƙarƙashin buhu ba ni kai shi kasuwa. Amma akwai sabo da na banda shekaranjiya, ban taɓa shi da komi ba."

Inna ta matsa gaban bandarta. Ta sunkuya ta fara matsar da kifinta gefe ɗaya a kan ragar, tana haɗa su kusa da juna, har rabin wurin ya zama fili. Ta tura wani guntun itace cikin wutar.

"Ɗauko shi," ta ce. "Wutar ga ta ishe mu."

Wayar na hannuna, kuma hasken yammar ya yi kyau sosai. Na sa ta cikin hijabi. Cajar ma na bar ta inda take, na bi ta bayan rumfa na hau hanyar gida.