Sunaye bakwai da ba su da rasit

"Mama, in mutum ya biya kuɗi, kuma aka ce bai biya ba, wa ya yi ƙarya?"

Ina ɗaure wa 'yata igiyar takalmi ta jefo mini wannan tambaya. Na ce ina ta jiyo haka. Ta ce 'yar mai walda ce, wadda suke zama benci ɗaya a aji uku. Jiya an kira sunanta cikin waɗanda za a mayar gida, alhali babanta ya rantse ya biya.

Ni na rubuta sunan. Ni ce akawun makarantar.

Aikina ba shi da wuya in an bi ƙa'ida. Kowane aji da shafinsa a babban littafi: sunan yaro, bashin da ya biyo shi daga zangon baya, kuɗin wannan zango, abin da aka biya da lambar rasit, sai abin da ya rage. Uba ya biya a banki, ya kawo takardar, in duba, in yanka masa rasit. Ƙarshen zango in haɗa jimillar kowane aji, in gwada da bayanin banki, in kai wa hedimasta rahoton waɗanda ba su biya ba. Shi ya sa hannu, kwafi ɗaya ya tafi wurin mai makaranta.

Da hantsi sai ga mai walda a tagar ofishina, hannunsa baƙi ƙirin.

"Malama akawu, ni fa na biya. A hannun hedimasta na sa, a bakin ƙofar can. Ya ce layin banki zai ci mini yini guda, in kawo ya tura."

"Rasit fa, baba?"

"Rasit? Mutum da gashin bakinsa da taguwarsa zan ce wa ba ni rasit?"

Kafin mako ya ƙare na ji irin wannan magana sau bakwai, daga aji biyu zuwa aji biyar.

Na ɗauki littafin na shiga wurin hedimasta. Ya ji ni, yana juya biro a yatsa.

"Haba ƙanwata, wannan ne ya sa kika haɗe rai? Rubuta sun biya. Sabon wata zan zuba kuɗin."

"Ranka ya daɗe, wace lambar rasit zan sa?"

"Ke da littafin rasit ke hannunki kike tambayata?" Ya yi dariya. "Yaya ɗiyar tamu? Har yanzu rabin kuɗi take biya, ko? Kin san rangwamen ma'aikata duk shekara ni nake sabunta shi."

Na dawo na zauna. Fankar sama tana ta ƙugi, ba iska. In na yanka rasit, jimillar littafina za ta zarce abin da ke banki, kuma hannuna ne a kan kowane rasit. Ranar da mai makaranta ya aiko mai bincike, ni ce ɓarauniya. In na bar su a jerin masu bashi, yara bakwai ba za su zauna jarrabawa ba a kan kuɗin da iyayensu suka riga suka fitar. In kuma na buɗe baki, albashina ba zai ɗauki cikakken kuɗin 'yata ba, ga ƙaninta a goye.

Mijina direba ne. Da na gaya masa, ya ce, "Ki rubuta abin da idonki ya gani, ki tsaya nan."

To, me idona ya gani? Ban ga kuɗi ba, ban ga takardar banki ba. Na dai ga iyaye bakwai. Sai na bar sunayen a inda suke, na ja layi na ƙara wani gurbi a gefen rahoton, na rubuta gaban kowane suna: uba ya ce ya biya a hannu, babu takardar banki, babu rasit. Ban rubuta hannun wa ba.

Hedimasta ya daɗe yana kallon gurbin.

"Wannan sabon salo ne?"

"Ranka ya daɗe, gurbin bayani ne kawai."

Bai ce in sake ba, don ya san duk abin da na fitar ina ajiye kwafinsa. Ya sa hannu. Bayan kwana uku takardun banki bakwai suka bayyana a kan teburina, duka kwanan wata ɗaya, rubutun hannu ɗaya. Na yanka rasit, na gyara rahoton, yaran suka zauna jarrabawa.

Sabuwar shekara ta shigo, takardar rangwamena ba ta fito ba. Na tambaya sau biyu, ya ce ana dubawa. Barin aikin ba zai yiwu ba, in ba wannan ba, makarantar da ta fi kusa da mu sai an hau mota biyu. Makon jiya na haɗa rahoton zango na ɗaya. A shafin aji huɗu, layi na goma sha ɗaya, na rubuta sunan 'yata da hannuna, da rabin da ban iya biya ba. Jarrabawa saura kwana tara.

Kai mai karatu, ke mai karatu, kada ku sa kuɗin makarantar yaro a hannun kowa, ko da shi ne babba a wurin, ko da ya ce sauƙi zai yi muku. Ku bi layin bankin, kuma kada ku bar bakin taga sai da rasit mai lamba da hatimi.