Dodon-Koɗi a Daura

Shekara tara ina koyar da darasin sana'a a kwalejinmu ta Daura, ban taɓa ganin shirme irin na ranar da na buɗe tsarin kasuwancin Musaddiq Audi ba. Bango mai sheƙi, shafi sittin, wai zai yi kiwon dodon-koɗi. A Daura!

Na nemi masu saye ban gani ba, sai cewa "kowa yana buƙata". Babu maganar masu irin sana'ar, babu haɗarin da za a iya fuskanta. Riba kuwa tun watan farko, tana ninkawa duk wata. A shafi na sha biyu ma an manta ba a goge sunan Fatakwal ba. Zakiyyu, ɗan ajinsu, shafi goma ya kawo kan niƙan gero a Sandamu, ya tambayi mata talatin, ya kawo farashin inji daga bakin mai shago, ya samu maki saba'in.

Na kira Musaddiq ofis. Wannan darasin kaɗai ya rage masa. In ya faɗi, 'yan ajinsa su fita su bar shi shekara guda.

"Ka taɓa ganin mai cin dodon-koɗi a garin nan?"

"A'a, Malam. Mai shagon kwamfuta ne ya ce shi ake yayi."

"Me kuke yi a gida?"

Ya sunkuyar da kai. "Kiwon raguna, a Mashi."

Na yi ta tambaya, yaro ya buɗe baki. Ya san watan da ake sayen rago ramamme da arha, da buhun dusa da harawa nawa yake ci kafin layya. Ya san dillalan da ke karya kasuwa, ya san abin da ke faruwa in an rufe boda. Har yawan waɗanda kan mutu a cikin ashirin ya faɗa mini.

"To ai wannan nake nema!" na ce. "Wa zai saya, wa ke gabanka, nawa za ka kashe, yaushe jari zai dawo, me zai iya ɓaci. Je ka rubuta abin da ka faɗa yanzu. Mako ɗaya."

Ya yi ta godiya har da durƙusawa. Ni ma, ban ɓoye ba, na ji daɗi.

Ran Litinin ya kawo. Bango mai sheƙi, shafi saba'in. Kiwon raguna ne kam, amma farashi da dala, ga injin ɗumama garke saboda ƙanƙara.

"Musaddiq, ina dusa? Ina dillalan Mashi?"

"Haba Malam," ya ce, "wannan ai maganar ƙauye ce. Ba a saka ta a takarda."

Na ɗauki jan biro, na rubuta masa ashirin da biyu, na tura masa abinsa da bakin biron don kada hannuna ya sake taɓawa.